Kuɗin juyi a lissafin furoje: yaushe suke fita, yaushe suke dawowa, kuma nawa ke dawowa

Watan da ya wuce ɗan yayata ya zo mini da kaye cike da lissafi, yana son kafa injin tatsar man gujiya nan Maraɗi, na shekara 4, don filin da zai aza injin haya ne kuma yarjejeniyar shekara 4 ce. Ya rubuta kuɗin inji, ya rubuta cinikin da yake sa rai kowace shekara, ya cire albashi da kuran da haraji, komi tsaf. Na ce mishi to gujiyar da za ka fara tatsa ran farko fa, da kuɗin wa za ka saye ta? Ya ce "Kawu ai cikin ciniki za ta fito". Nan na san akwai aiki, don ciniki bai zuwa sai an tatsa, ba a tatsa sai an sayo, kuma ko an sayar masu butik ba su biya ranar. Wannan tazarar tsakanin ranar da ka fitar da kuɗi da ranar da sunka dawo hannunka ita ce ke cin jari, shi ne kuɗin juyi, wanda kwantabul ke kira be-ef-er, wato bukatar fon da rulma. Zan bi lissafin nashi ɗaya bayan ɗaya, na daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi, duka a miliyon na sefa.

Mataki na farko: ƙidaya abin da ke kwance

Kada ka fara da kashi cikin ɗari, fara da magaza. Ka rufe ido ka ɗauka aiki ya kankama, wata rana ta tsakiyar shekara ka shigo, me ka tarar na kuɗinka da bai zama kuɗi ba tukuna?

A nashi, cinikin shekarar farko miliyon 60 ne, gujiyar da zai saya a shekara ta miliyon 36, wato miliyon 3 duk wata. Ba zai yarda inji ya tsaya don rashin gujiya ba, sai ya ce kullum a samu ta wata 2 jibge, miliyon 6 ke nan kwance cikin buhuna. Sai man da anka tatse yana cikin jarkoki da duro bai fita ba, da tunkuza, munka sa miliyon 2, kuma a kuɗin da ya kashe wajen yin su munka sa, ba a kuɗin da zai sayar ba. Sai babbar magana, bashi. Masu sari da masu butik suna ɗauka su biya bayan wata guda, ciniki kuwa miliyon 5 ne a wata, don haka kowace rana ta Allah akwai miliyon 5 nashi a hannun mutane, wani ya biya wani ya ɗauka, adadin bai raguwa. Abu ɗaya ne ke rage mishi nauyi, shi ma ana bin shi, mai jarkoki da mai buhuna da faktir ɗin kuran da bai kai ga biya ba, wajen miliyon 1. Manoma da dillalan gujiya kam a kasuwannin ƙauye hannu da hannu ne, ba wanda zai ba sabon shiga bashi.

6 da 2 da 5 sun yi 13, a cire 1, saura miliyon 12. Wannan shi ne kuɗin juyin shekarar farko. In ka gwada shi da ciniki, 12 cikin 60, kashi 20 cikin ɗari ne, ko kuma yadda ake koyarwa a makaranta, cinikin kwana 72 in an ɗauki shekara kwana 360. Yanzu ne kake da ikon amfani da kashi 20 ɗin ga sauran shekaru, don ka san inda ya fito.

Abu biyu kada su shiga nan. Bashin banki da kuɗin da za ka biya a kanshi ba su cikin wannan lissafi, wannan maganar inda za ka samo kuɗi ce, mu kuma muna maganar nawa aikin ke bukata. Na biyu, in dama kana da kasuwanci, abin da sabon furoje ya ƙara kaɗai za ka sa. Wanda dama yake da buhu 200 a magaza, sabon inji ya sa dole ya riƙa aje 500, to 300 ne na furoje.

Mataki na biyu: bambanci ake rubutawa, ba jimla ba

Nan mutane da yawa ke faɗuwa, har da waɗanda sunka yi karatun. Cinikin da yake sa rai shi ne 60, 75, 90, sai shekarar ƙarshe ya sauka 60 don inji ya tsufa kuma ana shirin tashi. Kashi 20 na kowane ya ba mu bukatar 12, 15, 18, 12. Na taɓa ganin dosiye da anka cire 12 a shekarar farko, 15 a ta biyu, 18 a ta uku, 12 a ta huɗu, anka tara miliyon 57 anka ce furoje ya mutu. Ba haka ba ne. Miliyon 12 ɗin farko ba ƙonewa suke ba, juyawa suke, gujiya ta zama mai, mai ya zama bashi, bashi ya zama kuɗi, kuɗi ya koma gujiya. In shekara ta biyu tana bukatar 15, kana da 12 a ciki tun tuni, ciko 3 kawai za ka zaro daga aljihu.

Sai maganar lokaci. Kuɗin juyin kowace shekara a farkonta ake sa shi, farkon shekara kuwa shi ne ƙarshen wadda ta gabace ta. Don haka 12 na shekarar farko suna fita a shekara sifili, rana ɗaya da kuɗin inji. Cikon 3 na shekara ta biyu yana fita ƙarshen shekara ta 1. Cikon 3 na shekara ta uku yana fita ƙarshen shekara ta 2. A ƙarshen shekara ta 3 kuwa abin ya juya, bukata ta sauka daga 18 zuwa 12, sai miliyon 6 su kuɓuto su dawo hannu, don ka rage sayen gujiya kuma bashin da ke waje ya ragu. Ƙarshen shekara ta 4 an rufe, an tatse ragowar gujiya ba a sake saye ba, an sayar da mai, an bi bashi an karɓo, an biya mai jarkoki, sauran 12 sun dawo.

Layin kuɗin juyi ke nan, daga shekara sifili zuwa ta 4: -12, -3, -3, +6, +12.

Tara su ka gani, sifili ne. Wannan gwaji ne da nake yi kafin in duba komi a dosiyen mutum, in layin bai ba da sifili ba, ko dai ya manta da dawowar ko ya maimaita wani abu, sai fa in da gangan ya ce wani kashi ba zai dawo ba, wanda za mu zo kanshi.

Ɗan yayan nawa ya tambaye ni, to in gujiya tana cikin kuɗin da ya riga ya cire kafin ya fidda riba, ba sau biyu muke cirewa ba? Tambaya ce mai kyau. Lissafin riba yana cire gujiyar da ta zama man da anka sayar ne kaɗai, kuma yana ƙidaya ciniki tun ranar da kaya sunka fita, ko an biya ko ba a biya ba. Gujiyar da ke kwance ba ta ciki, alhali ka biya kuɗinta, bashin da ke waje yana ciki, alhali bai shigo ba. Layin kuɗin juyi shi ke gyara wannan, ya mai da riba ta takarda zuwa kuɗin da ke cikin akwati. Shi ya sa za ka ga mutum kwantabul na ce mishi ka ci riba bana, shi kuma ko albashin yara bai iya biya.

Mataki na uku: kada ka yi mishi abin da ake yi wa inji

Inji na miliyon 20 ana raba kuɗinshi kan shekarun aikinshi, miliyon 5 duk shekara, ana cirewa kafin a lissafa haraji, don yana tsufa. Kuɗin juyi ba a yi mishi haka. Ba ya rage maka haraji ranar da ka zuba shi, ba a kuma ɗora mishi haraji ranar da ya dawo, don ba riba ba ce, uwar kuɗinka ce ta komo. Wanda ya ɗauki 12 na ƙarshe ya haɗa da cinikin shekara ta 4 ya cire kashi 30 na harajin riba, ya yi wa kanshi asarar miliyon 3.6 a takarda ba gaira ba dalili. Ka ba shi layinshi daban ƙarƙashin layin haraji, kar su gauraya.

Mataki na huɗu: in sifili ne, me ya sa muke wahala?

Don miliyon 12 na yau da miliyon 12 na bayan shekara 4 ba ɗaya ba ne, kowane ɗan kasuwa ya san haka ko bai shiga aji ba. Da kuɗin nan suna hannunshi da ya juya su a wake ko aya ya samu wani abu. Munka zauna da shi munka yarda cewa a sana'ar da ya saba yana iya samun kashi 15 cikin ɗari a shekara, sai munka ɗauki 15 ɗin ma'auni. In faɗa tun da wuri don na san za a tambaya, wannan ba kuɗin ruwa ba ne da wani zai karɓa ko ya biya, awo ne kawai na abin da ka bari don ka shiga wannan aiki.

Yadda ake mai da kuɗin gaba zuwa darajar yau shi ne a raba da 1.15 sau adadin shekarun. Jika ɗaya ta bayan shekara 1 ta zama kusan kashi 87 cikin ɗari nata, ta bayan 2 kashi 76, ta bayan 3 kashi 66, ta bayan 4 kashi 57. To 12 ɗin da za su dawo ƙarshe a yau darajarsu miliyon 6.86 ce, 6 ɗin shekara ta 3 kuma 3.95. Cikon 3 da 3 da za su fita sun zama 2.61 da 2.27. In ka haɗa da 12 na farko, layin da ya ba da sifili ɗazu yanzu ya ba da kusan -6.07. Wato duk da ko dala ba ta ɓace ba, ɗaure kuɗin nan shekara 4 ya ci mishi miliyon 6 da ɗoriya.

Yanzu mu haɗa da sauran. Kuɗin da aikin ke bari duk shekara bayan haraji, yadda ya lissafa, 8, 10, 12, 8. Inji 20 a shekara sifili, kuma munka ɗauka ba zai yi wata daraja ba a ƙarshe. In an haɗa layukan uku, shekara sifili -32, sai 5, 7, 18, 20. A odinatar, in ka sa -32 a B2 sauran a C2 zuwa F2, mai Excel na Faransanci zai buga:

```
=VAN(15%;C2:F2)+B2
```

na Turanci kuma:

```
=NPV(15%,C2:F2)+B2
```

Lura B2 a waje yake. In ka cusa shi cikin baka, na'urar za ta ɗauka shi ma bayan shekara guda ne, ta ture komi gaba da shekara ɗaya.

Amsa ta fito +0.91, wato wajen jika 910 sama da abin da zai samu in ya bar kuɗinshi a tsohuwar sana'a. Lissafinshi na farko da babu kuɗin juyi sam ya ba da +6.98, shi ya sa ya shigo yana murmushi. Da kuma ya sa fitar ya manta da dawowar 12 na ƙarshe, da -5.95 zai gani ya watsar da aikin. Inji ɗaya, ciniki ɗaya, amsa uku, kuma ta tsakiyar ce gaskiya: aikin ya tsallake amma da ƙyar.

Mataki na biyar: dawowar, inda littafi da kasuwa ke rabuwa

Littafi yana cewa duka ke dawowa. A jarrabawa in ba a ce maka komi ba, haka za ka yi, ka dawo da shi cif a shekarar ƙarshe. Amma in kuɗinka ne ko na wanda ya amince da kai, ni ban yarda a rubuta ɗari bisa ɗari ba sai an bi kowane kaso an tambaye shi.

Fara da bashi. Muddin kana ba mai butik sabon kaya yana biyan tsohon, don yana bukatarka gobe. Ranar da labari ya bazu cewa wane zai rufe, biyan ya fara nauyi, yau ka je an ce ya tafi Tasawa, gobe an ce sai ran kasuwa, wani kuma surukin abokinka ne ba ka iya ɗaga mishi murya. Ban ce mutane macuta ne ba, amma wanda kowa ke bi bashi yakan fara biyan wanda zai sake ba shi kaya. In kuma wasu kiliyanka suna Jibiya ko Katsina kuma da naira za su biya, akwai canji, bashin da ka rubuta da naira yana iya dawowa cif a naira amma ya rame a sefa. Mun kuma ga yadda iyaka ke rufewa ba shiri, a watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe tata har Disamba 2020, a 2023 ma an sake, wanda kayanshi ko bashinshi ke wancan ƙetaren ya san abin da nake nufi.

Sai kaya. Gujiyar da ta daɗe tana iya yin ƙwari ko ta ja damshi ta yi fumfuna, man da ya kwana biyu yana canza wari, jarkokin da anka buga sunanka a kai ba mai sayensu da daraja. Kuma mai rufewa a gaggauce yake sayarwa, masu saye sun sani. Wani lokaci akasin haka ne, in rufewar ta faɗo lokacin da gujiya ta yi tsada, sai ka samu ƙari. Abin da ake binka kam, miliyon 1 ɗin nan, shi ba ya raguwa ko dala, cif za ka biya.

Munka ce to mu ɗauka cikin 12 ɗin 9 ne za su dawo, 2 sun maƙale a bashi, 1 ya tafi a karyar da kaya. Miliyon 3 na shekara ta 4 a yau 1.72 ne, a cire daga 0.91, mun koma -0.80. In yana da takardu tsaf har hukumar haraji ta yarda ta cire asarar daga ribarshi, da kashi 30 asarar ta ragu zuwa 2.1, amsa ta zama wajen -0.29, har yanzu ƙasa da sifili. Nan kaɗai ne haraji ke shiga maganar kuɗin juyi, a kan abin da ya ɓace ko abin da ya ƙaru, ba a kan uwar kuɗin ba.

Tambayar da na fi so a yi ita ce nawa ne zai iya ɓacewa kafin aikin ya daina biyan kanshi. Raba 0.91 da 0.57, wajen miliyon 1.6. Na ce mishi ka duba kayen bashinka na tsohuwar sana'a, cikin miliyon 5 da ke waje da miliyon 8 na kaya, kana iya rantsuwa ba za ka rasa 1.6 ba ran tashi? Ya yi shiru, ya ce "Kawu, mutum biyu ma sun isa".

Akwai kuma wanda ke lissafin shekara 4 alhali bai da niyyar rufewa, adadin shekarun kawai ya yanke don tablo ya ƙare. To shi ya sani kuɗin juyinshi ba za su fito a shekara ta 4 ba, suna nan ɗaure muddin inji na juyawa. In ya sa darajar ci gaban kasuwancin a ƙarshen tablo, kada ya ƙara da dawowar kuɗin juyi a kai, ya ci tuwo biyu ke nan, don kasuwancin da zai ci gaba da waɗannan kuɗin yake ci gaba.

Abubuwa biyu da alƙaluman shekara ke ɓoyewa

Kaka. Mun ce gujiyar wata 2, amma wanda ya san harkar ya san bayan girbi, wajen Oktoba zuwa Disamba, ake samunta da araha, kuma zuciya za ta ce ka kwashi ta wata 6. Miliyon 18 ke nan maimakon 6, bukata ta tashi daga 12 zuwa 24 a wannan lokacin, sannan ta riƙa sauka. In haka za ka yi, sai ka sake lissafin da wata-wata, ka gwada arahar da ka samu da kuɗin da ka ɗaure da hayar magaza da abin da zai lalace. Kuma ran da za ka nemi jari, ƙololuwar ce za ka nema, ba matsakaici ba, don dillali a Gazawa ba matsakaici zai karɓa ba.

Sai hauhawar farashi. Ko ba ka ƙara buhu ko ɗaya ba, in buhun ya ƙara kashi 10, kuɗin juyin 12 na bukatar cikon 1.2 don a riƙe kaya iri ɗaya. In cinikin da ka rubuta ya riga ya ƙunshi ƙarin farashi, kashi 20 ɗin zai ɗauke wannan da kanshi, in kuwa da farashin yau ka rubuta duka shekarun, to cikon na nan yana jiranka ba ka gan shi ba.

Abin da munka tsayar da shi

Ba mu taɓa inji ba, ba mu taɓa ciniki ba, bashi munka taɓa. Ya ce zai sa sharaɗin kwana 15 maimakon wata, kowane kaya da bon sa hannu, wanda bai biya na baya ba bai ɗaukar sabo. Bashin waje ya sauka daga 5 zuwa 2.5, kuɗin juyin farko ya koma 9.5, sauran shekarun ma sunka bi, abin da ɗaurewar ke ci ya ragu daga 6.07 zuwa wajen 4.81, amsa ta hau +2.18. Ko da an rasa miliyon 3 ɗin nan a ƙarshe akwai sauran kusan jika 460 sama da sifili. Na dai ja kunnenshi cewa wasu masu sari za su gudu wajen mai ba da wata guda, don haka ya koma ya tambayi manyan kiliyanshi biyar ko za su zauna a kan kwana 15, in uku sunka ƙi sai mu rage cinikin 60 ɗin mu sake bugawa. Munka kuma rubuta a kayen cewa wata 6 kafin yarjejeniyar filin ta ƙare zai daina ba da bashi ga duk wanda ya taɓa jinkiri, wata 2 kafin ta ƙare kuma ya daina sayen gujiya sai abin da inji zai cinye.